A Haddace ko a Karanta? Yadda Mai Jawabi Ke Shirya Takardarsa

Ranar 22 ga Afrilu, 1904, wani matashin ɗan majalisa mai shekara 29 ya miƙe a majalisar dokokin Birtaniya yana magana a kan dokar ƙungiyoyin ƙwadago. Sunansa Winston Churchill. Ɗabi'arsa a lokacin ita ce ya rubuta jawabi kaf, ya haddace shi, sannan ya zo ya zubo shi kamar yanzu tunanin ke zuwar masa. Ya yi kusan minti 45 magana na tafiya daidai, har ya doshi ƙarshe. Sai a tsakiyar wata jimla abin ya ɗauke masa. Ya maimaita farkon jimlar, sauran bai zo ba. Bayan wani shiru mai nauyi ya gode wa majalisa da ta saurare shi, ya zauna, ya rufe fuska da hannuwansa.

Daga wannan rana Churchill bai ƙara dogara da hadda zalla ba a manyan jawabansa. Ya koma shiga da takarda, amma ba takarda irin ta kowa ba. Sakatarorinsa suna buga masa jawabin a gajerun layuka, kowane layi gwargwadon abin da zai fita a numfashi ɗaya, layi na biyu ya ɗan shige ciki, na uku ya ƙara shigewa, kamar baitocin waƙa. Jawaban da ya yi a 1940, waɗanda duniya ke tunawa da su, daga irin wannan takarda suka fito, kuma har yau ana ajiye da su a cibiyar adana takardunsa da ke Cambridge.

Wanda aka ɗora wa jawabi, ko shugaban makaranta ne ranar yaye ɗalibai, ko sakataren ƙungiya ranar taron shekara, ko ɗalibar da za ta wakilci makarantarta, tambayar da yakan fara yi ita ce: in haddace ne ko in karanta? Tambayar tana ɗauka cewa jawabi abu ne guda wanda dole a yi masa hukunci guda. Ba haka yake ba. A cikin jawabin minti goma akwai wurin da karantawa ta zama dole, akwai wurin da duba takarda zai kashe maganar, akwai kuma wuri mai faɗi a tsakiya wanda kalma ɗaya a gefen takarda ta ishe shi. Aikin mai shiri shi ne ya bi rubutunsa sakin layi bayan sakin layi yana yanke wa kowanne hukuncinsa.

Wuraren da ake karantawa su ne waɗanda sauya kalma ɗaya a cikinsu ke sauya ma'ana ko ya jawo ɓacin rai: sunayen mutane da muƙamansu, alƙaluman kuɗi, kwanan wata, maganar da aka ciro daga bakin wani, sanarwar da 'yan jarida za su ɗauka, da duk abin da ke da nauyin doka. Gajartar magana ba ta fitar da ita daga wannan rukuni. Rantsuwar shugaban ƙasar Amurka kalma 35 ce kacal a Turance. Ranar 20 ga Janairu, 2009, Alƙalin Alƙalai John Roberts ya zo rantsar da Barack Obama ba tare da takarda ba. Suka ɗan yi karo da juna a farkon rantsuwar, sai Roberts ya ɗauke kalma ɗaya daga mazauninta ya kai ta wani wuri, Obama kuma ya bi shi a haka. Washegari sai da aka sake rantsuwar a fadar shugaban ƙasa don kada a bar wa kowa ƙofar jayayya. Roberts ya san kalmomin nan sarai. Abin da ya kayar da shi katsewar da aka yi masa ce, domin hadda ba ta son a tare ta a hanya.

Wannan shi ne babban rauninta, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban malami yana ba da hadda ya san shi. Ba a cika kakarewa a tsakiyar aya ba. An fi kakarewa a kan gaɓa, inda wannan aya ta ƙare ana neman bakin ta gaba, ko inda ayoyi biyu suka yi kama mai karatu ya tsallaka wata sura bai sani ba. Da malam ya ɗora masa kalmar farko, sai sauran ya biyo. Jawabin da aka haddace haka yake: kowace jimla ita ke jawo mai bi mata. Idan tafi ya katse mai magana, ko lasifika ta yi ƙara, ko wani babban baƙo ya shigo aka miƙe masa, igiyar ta tsinke, kuma a kan dandamali babu malamin da zai ɗora masa.

Akwai wata ɓarna ta hadda da ta fi kakarewa muni, don ita mai yin ta ba ya jin ta. A watan Satumbar 2014, Ed Miliband, shugaban jam'iyyar Labour, ya yi jawabi na fiye da awa guda a babban taron jam'iyyarsa a Manchester, babu takarda a hannunsa. Ya yi irin haka a shekarun da suka gabata, an kuma yaba masa. Wannan karon bai kakare ba, ya yi magana tiryan-tiryan har ƙarshe. Sai bayan ya sauka aka gwama abin da ya faɗa da rubutaccen jawabin, aka ga ya tsallake sashen da ya yi magana a kan giɓin kasafin kuɗin ƙasa, da kuma na baƙin haure da masu shigowa ci-rani. Shi da kansa ya amsa cewa mantawa ya yi. Abokan hamayya suka riƙe wannan suna yi masa gori har zaɓen 2015, suna cewa mai neman mulki ya manta da babbar matsalar tattalin arziki. Da akwai kati ɗaya a gabansa mai ɗauke da kan kowane sashe a jere, da kallo ɗaya ya nuna masa abin da ya bari a baya.

To amma karatu zalla ma yana da nasa hasarar, kuma ita ce aka fi gani a tarukanmu. Mutum ya sunkuyar da kai tun daga gaisuwa har godiya, jama'a ba sa ganin komai sai saman hularsa ko ɗaurin ɗankwalinta. Murya ta daidaita a hawa guda, domin ido na gudu a kan layi ba tare da tunani ya bi ma'anar ba. Sau da yawa wani ne ma ya rubuta jawabin, mai karantawa bai gan shi ba sai a cikin mota. Alamar hakan a bayyane take: yana tsayawa a ƙarshen layi maimakon ƙarshen jimla, yana kuma tuntuɓe a kan sunayen da ya kamata a ce ya saba da su. Kafin ya kai shafi na uku, na bayan rumfa sun koma hirarsu.

Wanda ya nuna yadda ake haɗa biyun a cikin hali mafi tsanani shi ne Nelson Mandela. Ranar 20 ga Afrilu, 1964, a shari'ar Rivonia da aka yi a Pretoria, ya tsaya a gaban Mai Shari'a Quartus de Wet yana fuskantar yiwuwar hukuncin kisa. Ya shafe makonni yana rubuta bayaninsa, lauyoyinsa sun duba, abokan tuhumarsa sun gani. Kusan awa uku ya yi yana karantawa, kuma dole ya karanta, domin kowace kalma za ta shiga kundin kotu, tana iya shafar ransa da na waɗanda ke zaune tare da shi. Da ya zo sakin layi na ƙarshe, inda ya ce a shirye yake ya mutu a kan aƙidarsa in ta kama, sai ya ajiye takardun, ya dubi alƙali ido da ido, ya faɗe shi da ka. Jimloli kaɗan ne, ba su kai minti biyu ba a cikin awa uku. Su kaɗai ya haddace, saboda su ne maganar da ba ta yiwuwa a faɗa wa mutum ana kallon takarda.

Ma'aunin ke nan. Ana haddace abin da ke bukatar ido: jimla biyu ko uku na buɗewa, roƙo ko alkawari, ta'aziyya, da jimlolin rufewa. Kuma ana taƙaita shi, don hadda gajera ce ke jure tsoro.

A ɗauki misali a bi shi daki-daki. A ce shugabar wata makarantar sakandaren 'yan mata an ba ta minti goma ranar yaye ɗalibai, hakimi zai zo, wakilin ma'aikatar ilimi zai zo, iyaye sun cika fili. Abu na farko, ta rubuta jawabin duka, da harshen da za ta yi magana da shi. Masu rubutawa da Turanci su ce za su fassara a tsaye suna ɗora wa kansu aiki biyu a lokaci guda, kuma a kan alƙaluma da muƙamai fassarar ke watsewa. Sannan ta karanta shafi guda a bayyane da agogo a hannu, da irin saurin da za ta yi a fili, don ta san minti nawa shafinta ke ci. Ta shirya abin da zai cika minti takwas, ta bar biyu saboda tafi, kabbara da gyaran makirfo.

Da ta bi rubutun sai ta ga ya kasu shida. Gaisuwar manyan baƙi karantawa za ta yi, suna bayan suna, a jeren da aka tabbatar da shi da safiyar ranar, domin wanda aka rubuta zai zo yana iya aiko wakili, kuma kiran Mai Girma Hakimi bayan wanda bai kai shi ba abu ne da za a daɗe ana maganarsa. Kowane suna da layinsa, da fili a gefe don gyara da biro. Buɗewa, jimla uku da take fuskantar iyaye tana gode musu da suka bar 'ya'yansu suka kai ƙarshe, wannan hadda ce. Sakamakon jarrabawa karatu ne. Labarin wata ɗaliba da ta yi shekara shida tana zuwa daga ƙauye a kan keken yayanta, wannan ba ya bukatar rubutu ko hadda, ta san shi, a gabanta aka yi. Matsalar ruwa a makaranta rabi da rabi ce: kuɗin gyaran famfo a karanta, roƙon taimako a faɗa da ka ana kallon mutane. Nasiha ga masu fita da addu'ar rufewa hadda ce.

Yanzu sai alamomi. A gefen hagu na kowane shafi ta bar fili mai faɗin yatsu uku, a nan kalmomin tuni za su zauna, da manyan baƙaƙe, kowace a daidai bakin sashenta. Nan ne mutane suka fi kuskure. Sukan rubuta kalma irin su "ƙalubale" ko "muhimmanci" ko "ci gaba", waɗanda za su iya zama kan kowane sashe na kowane jawabi, don haka ba sa tuna wa mutum komai lokacin da zuciya ke bugawa. Kalmar tuni mai aiki ita ce wadda ake iya gani da ido, kuma ba ta da sashe biyu. Ga labarin ɗalibar nan, KEKE. Ga matsalar ruwa, FAMFO. Ga nasiha, idan ta ginu a kan maganar da wata tsohuwar malama ta saba yi musu a taron safe, sai ta rubuta TARON SAFE. Idan labari yana da matakai, sai a jera kalma uku a ƙarƙashin juna yadda ya faru: KEKE, DAMINA, TA ƊAYA. Da ta ga waɗannan ta san za ta faɗi tafiyar, ta faɗi ranar da ruwa ya cinye hanya yarinyar ta iso a jiƙe, ta ƙare da matsayin da ta zo a aji.

Sassan hadda kuma alamarsu daban ce. Ba a rubuta musu kan magana, ana rubuta kalmomi uku ko huɗu na farkon jimlar, daidai yadda za su fita a baki, misali "Ya ku iyayenmu, yau". Wannan shi ne ɗorin da za ta yi wa kanta. Cikakken rubutun yana nan a ƙasa ko da za a bukace shi, amma ta ja masa layi a gefe da jan biro, alamar cewa a nan kai a ɗage yake.

Tunda a kan gaɓa ake faɗuwa, jimlar da ke ɗauke ta daga wani sashe zuwa wani ita ma a rubuta ta cikakkiya. Daga labarin keke zuwa famfo, misali: "Yarinyar da ta yi wannan tafiya, in ta iso makaranta, sai ta sake fita neman ruwan sha." Jimla ɗaya ce, amma ita ke hana tsayawar nan da ake cikawa da "to", "wato", "kamar yadda na faɗa". Kuma ita ce ke dawo da ido kan takarda a daidai wurin da ya kamata, tunda tana zaune a saman alƙaluman da za a karanta.

Alƙaluman ma suna da nasu shiri. Kada ta bar 1,850,000 a lambobi ta ce za ta warware shi a tsaye. Ta rubuta "naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da hamsin" da kalmomi, a layinsa shi kaɗai. Haka kuma rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka kalma kamar "fari", wadda ke iya zama launi ko rashin ruwan sama, tana iya sa mai karatu ya fara da sautin da ba shi ba sai ya dawo. Inda ta yi irin wannan tuntuɓe a gwaji, ta sa wa kalmar alama ko ta sauya ta da wata.

A sassan karatu alama uku sun isa. Karkataccen layi guda inda za a ja numfashi, biyu inda za a yi shiru na daƙiƙa biyu ko uku, sai layi a ƙarƙashin kalmar da za a danna. Mai karanta Alƙur'ani bugun Madina ya saba da wannan tunani, domin ƙananan haruffan da ke saman layi, irin su mim da jim da lam-alif, aikinsu ke nan, su nuna inda ake tsayawa da inda ake wucewa. Abin kiyayewa shi ne kada a danna fiye da kalma ɗaya a jimla. Wanda ya ja layi a ƙarƙashin rabin shafi, ko ya yi amfani da launi biyar, zai tsaya yana tunanin me kore ke nufi alhali jama'a na jiransa. Launi biyu sun wadatar: baƙi na karatu, ja na ɗaga kai.

Akwai alama ta huɗu da masu gogewa ba sa mantawa da ita, wato baka biyu da ake kewaye sakin layin da za a iya zubarwa. Taro yakan fara a makare, la'asar ta matso, mai gabatarwa ya raɗa mata cewa minti biyar suka rage. Idan tun a gida ta yanke cewa jerin gasannin da makaranta ta shiga shi ne zai tafi, sai ta tsallake shi ba wanda ya sani. Idan ba ta yanke ba, sauri za ta yi, kuma abin da sauri ke cinyewa shi ne ƙarshen jawabi, inda roƙon gyaran famfon yake.

Ita kanta takardar a buga ta da manyan haruffa, girman 16 ko 18, da tazara tsakanin layuka, a fuska ɗaya kawai. Rubutu ya tsaya a kashi biyu cikin uku na saman shafi, saboda karanta ƙasan shafi na sa haɓa ta sauka kan ƙirji, murya ta bar makirfo. Kowane shafi ya ƙare da ƙarshen jimla, a sa masa lamba babba a sama. In akwai teburin jawabi, ba a maƙale shafukan, ana zame wanda aka gama gefe ne a hankali. In babu, kuma hannu ɗaya na riƙe da makirfo, kati mai kauri gwargwadon tafin hannu ya fi, domin faffaɗar takarda tana nuna rawar hannu, iska kuma na wasa da ita. A huda katunan a kusurwa a zura musu zare, ko sun faɗi ba za su hargitse ba. Waya ba ta cika amfani a nan ba: fuskarta na mutuwa, rana na hana ganin rubutu, kira na iya shigowa.

Saura gwaji, wanda shi ke nuna ko hukuncin da aka yanke wa kowane sashe daidai ne. Ta rufe rubutun da wata takarda, ta bar kalmomin gefe kaɗai, ta yi jawabin a tsaye da murya. Duk kalmar da ta kalla ta yi daƙiƙa uku ba ta san abin faɗa ba, kalmar ba ta yi ba, a sauya ta. Sannan ta sa wani a gida ya riƙa katse ta, ya kira KEKE ko FAMFO ba bisa jeri ba, ita kuma ta tashi daga nan. Sashen haddar da ba ta iya farawa sai ta koma farkon jawabi bai zauna ba tukuna, don haka ko ta rage tsawonsa ko ta mayar da shi cikin na karatu. Idan kuma ta lura idonta na komawa sama tana laluben kalma, muryarta ta koma irin ta mai ba da hadda, to abin da ta haddace ya yi yawa.

A wurin karatun ma akwai abin koyo. Ana ɗaukar guntun jimla da ido, a ɗaga kai a faɗe shi, sannan a koma a ɗauki na gaba, babban yatsa yana bin gefen shafi yana riƙe da wurin. Da farko mutum zai ji kamar shirun da ke tsakani ya yi tsawo, amma a kunnen mai sauraro natsuwa ce. Gwaji uku ko huɗu a bayyane, ɗaya daga ciki a gaban mutum, sun fi karatu goma a zuci. Kuma takardar da aka yi gwajin da ita, mai alamomin hannu, ita za a shiga da ita fili. Ido ya riga ya san cewa FAMFO na tsakiyar shafi na uku ta hagu, sabon bugu kuwa yana iya matsar da shi zuwa shafi na huɗu.